Tasha ɗaya, masu kallo a Kano da Jidda da New York: yaushe za a saki karatu?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake kula da tashar YouTube ta karatun malaminmu, yana zama sau uku a mako. Masu kallonmu na Saudiyya suna cewa sai dare ya yi nisa muke sakin karatu, na Amurka kuma suna cewa suna wajen aiki. Wani ya ce in riƙa sakawa kullum, har sau biyu. Wane lokaci ya fi, kuma sau nawa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa agogo, ka raba abin da kake fitarwa gida biyu: karatun da aka ɗauka aka tace, da zaman kai tsaye. Ƙorafin mutanenka yana da nauyi a kan na biyun ne kawai. Karatun da aka riga aka ɗora yana nan, wanda ke New York zai same shi idan ya tashi daga aiki, babu abin da ya ragu a cikinsa. Su kansu masu YouTube sun faɗa a shafin taimakonsu cewa ba a san lokacin saki yana shafar makomar bidiyo a dogon zango ba, inda yake da tasiri shi ne kai tsaye da Premiere, wato sakin bidiyon da aka riga aka ɗauka don jama'a su kalle shi tare a lokaci guda. Karatun addini kuwa abin dogon zango ne. A tashar majalisin da nake taimaka wa, darasin tsarki da na rabon gado ba su daina samun masu kallo ba, alhali an ɗora su tun da daɗewa.

Na ɗauka ɗin, lokaci guda za ka tsayar masa, ka daina motsa shi. Ka gina shi a kan inda mafi yawan mutanenka suke, ba a kan masu yawan turo saƙo ba, don 'yan waje sun fi rubutu amma sau da yawa ba su ne suka fi yawa ba. Ka shiga YouTube Studio, ka danna Analytics, sannan Audience. A nan za ka ga ƙasashen da ake kallonka, da wani jadawali mai suna When your viewers are on YouTube. Abu biyu ka riƙe game da shi. Da agogonka yake nuna sa'o'in, ba da na masu kallo ba, kuma na kwana 28 da suka wuce ne. Jadawalin da ka duba a farkon Shawwal labarin azumi yake ba ka, kada ka gina shekara a kansa. Idan tashar ƙarama ce ma yana iya ƙin fitowa, sai ka wadatu da jerin ƙasashen.

A ce ka duba ka ga rinjayen na Najeriya da Nijar ne, sai Saudiyya, sai Gana, sannan Birtaniya da Amurka can ƙasa. To lokacinka bayan Isha ne na gida. A Kano Magariba tana yawo tsakanin wajen ƙarfe 6 a Nuwamba zuwa kusan 7 a Yuli, Isha kuma ba ta nisa da 8 ko a lokacin da ta fi jinkiri. Shi ya sa nake son 8:30 na dare: duk shekara an idar da salla, ba sai ka riƙa ja da baya ko gaba ba. A daidai wannan lokacin Yamai da Garwa da Injamena duk 8:30 ne, agogonmu ɗaya. Akra da Kumasi 7:30. Khartum 9:30, Makka da Jidda 10:30. Landan 8:30 ne a watanninsu na zafi, 7:30 a na sanyi. New York 3:30 ko 2:30 na rana, Kuala Lumpur kuwa 3:30 na dare, ɗalibanmu na can suna barci.

Ka ga ke nan na Saudiyya suna da ɗan gaskiya, sai dai gyaransu mai sauƙi ne. Ka jawo sakin zuwa 5 na yamma agogon gida. A Jidda 7 ne, suna da dukan darensu. Mutumin gida bai rasa komai ba, don karatun yana nan yana jiransa bayan Isha, kuma ka samu awa uku da rabi na yaɗa shi a zaurukan WhatsApp kafin jama'a su zauna. Mai jiran datar dare don ya sauke shi a waya shi ma bai damu ba. Idan rabon Saudiyya a jerinka ɗan kaɗan ne, zauna a 8:30. Idan su ne na biyu ko na uku, ɗauki 5. Na Amurka da Malesiya ba za ka iya haɗa su da kowa a daren aiki ba, kuma ba shi suke buƙata ba. Abin da suke buƙata su san cewa duk Talata da Alhamis karatu yana nan kafin su nema.

Kai tsaye shi ne mai wuya, don a nan mutum yana so ya jefa tambaya malam ya amsa yana ji. Kada ka nemi haɗa kowa sau uku a mako. Ka ware zama ɗaya, ko a mako ko a mako biyu, ka ce wannan na kowa ne. Ranar da ta fi ita ce Asabar. Juma'a hutu ce a Saudiyya amma ranar aiki ce a Turai da Amurka. Lahadi hutu ce a can amma Saudiyya sun koma aiki. Asabar kaɗai ta haɗa su. Sa'ar kuma tsakanin Azahar da La'asar ta gida, misali 2:15 zuwa 3:30. A lokacin Akra 1:15, Jidda 4:15 an yi La'asar, Landan 2:15 ko 1:15, New York 9:15 ko 8:15 na safe, Kuala Lumpur 9:15 na dare. Ban ce babu tsada ba. Asabar ranar ɗaurin aure ce, ga masu kasuwa suna tsakiyar ciniki, don haka adadin 'yan gida da za ka gani suna kallo kai tsaye zai gaza na dare. Kada wannan ya sa ka janye. Su za su kalla daga baya, kuma suna da damar zuwa gaban malam da ƙafarsu, wanda na Chicago ba shi da ita.

Wani abu da ke rikita tasoshi da yawa shi ne sauyin agogo. Mu ba ma sauyawa, Saudiyya ma haka. Birtaniya tana ƙara awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka tana ƙarawa a Lahadi ta biyu ta Maris, ta mayar a Lahadin farko ta Nuwamba. A 2025 sauyin Amurka ya faɗo ranar 9 ga Maris, ana cikin azumi, mai bin tafsiri kai tsaye daga can ya wayi gari zaman ya matsa masa da awa guda ba tare da malam ya canza komai ba. Alamar wannan matsala ita ce ka ga mutum ya shigo ana addu'ar rufewa yana tambaya ko an fara da wuri ne, ko ya zo awa guda kafin lokaci yana cewa babu komai. Maganinta kada ka taɓa rubuta "ƙarfe 2:15" kawai. Rubuta "2:15 na rana agogon Najeriya da Nijar, 4:15 agogon Makka", waɗannan biyun ba sa motsi. Sannan ka buɗe shafin zaman tun kwana biyu kafin ranar, ka raba mahaɗinsa, don shafin yana nuna wa kowa lokacin da agogon wayarsa, kuma yana iya danna Notify me.

Sai maganar sau nawa. Wanda ya ce maka sau biyu kullum yana kallon tasoshin labarai da na barkwanci. Darasin awa guda ba haka ake cin sa ba. Mai bin littafi babi-babi, idan ka zubo masa fiye da abin da zai iya ji, zai tara bashi, daga nan sai ya saki littafin gaba ɗaya. Za ka gane hakan idan darasi na 1 yana da jama'a, na 6 ya ragu sosai, alhali masu bin tashar ba su ragu ba. Ban da haka, YouTube ba ya aika wa mutum sanarwa fiye da uku daga tasha ɗaya cikin awa 24. Ka saki gutsattsari huɗu da safe, babban darasin dare ya fita shiru.

Da malam mai zama uku, ga yadda zan tsara. Cikakken darasi biyu, Talata da Alhamis, a lokacin nan guda. Na uku shi ne zaman Asabar idan malam ya yarda ya mayar da shi can. In bai yarda ba, kada ka matsa masa, ɗora shi Lahadi kamar sauran. A ranakun da babu darasi, ka yanko amsar tambaya ɗaya mai minti uku zuwa biyar, guda ɗaya tak. Idan dole ka ɗora tsofaffin karatu da yawa a rana ɗaya, ka cire alamar da ke kan Publish to subscriptions feed and notify subscribers, ka jera su a Playlist da lambobinsu.

Kuma kada ka saki karatun yau a yau. Ka bar tazarar mako guda tsakanin zama da saki, ta yadda kullum kana da darasi biyu ko uku a ajiye a kan Schedule, wato an saita musu lokacin da za su fita da kansu. Ranar da aka ɗauke wuta, ko sabis ya ƙi, ko malam ya tafi ta'aziyya, tashar ba ta sani ba. Ɗorawa da wuri kuma tana ba YouTube lokacin gama sarrafa hoton, kada mutanen farko su tarar da shi dishi-dishi. A wajen saita lokacin ka duba yankin agogon da ke rubuce a gefe, musamman idan wani ɗan'uwa a waje yana taya ka ɗorawa, don nasa agogon zai fito masa.

Abin da ke da rana ba ya bin wannan layi. Tunatarwar azumin Arfa ko Tasu'a da Ashura ta fita kwana biyu kafin ranar, don lokacin da kake Isha na Malesiya yana dab da sahur. Huɗuba kuma ka ɗora ta da zarar an sauko. Ƙarfe 4 ɗinmu New York hantsi ne, ba su ma tafi masallaci ba.

Azumi shi kaɗai ne watan da kullum ya zama dole, kuma a nan lokacin malam ne ke mulki, ko bayan La'asar yake tafsirinsa ko bayan asham. Naka shi ne tataccen ya hau kafin sahur na gida, ka kuma dakatar da gutsattsarin ko ka rage su zuwa ɗaya. Wajen sa suna ka rubuta "Zama na 7, Suratun Nisa'i, aya kaza zuwa kaza", kada ka rubuta 7 ga Ramadan, don wani lokacin Najeriya da Nijar da Saudiyya ba rana ɗaya suke ɗaukar azumi ba, sai gardamar ganin wata ta cinye maka wurin tambayoyi.

Duk wanda ka zaɓa, 5 ko 8:30, ka sanar da shi da bakin malam a ƙarshen darasi, ka ba shi wata biyu kafin ka koma duba jadawalin. Idan kana so, turo jerin ƙasashe biyar na sama a tasharka mu duba tare.