Tambaya kan "shi" da "ita" a takardar haya

Ina rubuta yarjejeniyar haya da Hausa ga 'yan'uwanmu a Jidda. Ko'ina sai na sa "shi ko ita"?

A'a, ɗan'uwa. Fara da "mai haya" da "mai gidan haya", domin "mai" bai ware mace ko namiji ba. Matsalar tana wajen aikatau, inda dole ka zaɓi "zai biya" ko "za ta biya". Sai ka kauce masa: "Biyan kuɗi kafin ƙarshen wata wajibi ne a kan mai haya." Kada ka fake da "za a biya" kawai, don ranar rigima kowa zai ce ba shi ake nufi ba. Kotun Saudiyya dai da Larabci take aiki, saboda haka tabbatar kwafin Larabcin ya faɗi cewa lafazin namiji ya haɗa da mace.