Daga ina δ ke fitowa a limit ɗin x²?

"Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. An ce mu nuna da ε da δ cewa x² na tunkarar 9 idan x ya tunkari 3. Na kai |x − 3||x + 3| na cije, ban san ina zan samo δ ba."

Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka yi rabin aikin. Na daɗe ina yi wa ɗalibai darasi a nan Samaru, kuma wallahi kusan kowa a daidai nan yake tsayawa.

Abin da ake so shi ne, duk ε da aka ba ka komai ƙanƙantarsa, ka kawo δ wanda in dai 0 < |x − 3| < δ, to dole |x² − 9| < ε. Shi |x − 3| yana hannunka tunda δ ke riƙe da shi, mai ba da wahalar shi ne |x + 3| don yana canzawa tare da x. Da yawa sai su rubuta δ = ε/|x + 3|, kuma wannan kuskure ne, domin δ ake fara zaɓa kafin x ya zo, ba zai yiwu x ya fito a cikinsa ba.

To sai ka yi wa x shinge, ka ce δ ba zai wuce 1 ba. Ka ga x na tsakanin 2 da 4 kenan, x + 3 kuma tsakanin 5 da 7, wato |x + 3| < 7. Yanzu |x² − 9| < 7|x − 3|, in kana so ya gaza ε sai |x − 3| ya gaza ε/7. Sharaɗi biyu ke nan a kanka, sai ka ɗauki ƙaramin: δ = min(1, ε/7).

Kar ka raina 1 ɗin nan don Allah. Gwada ε = 70 ba tare da shi ba, δ zai zama 10, x = 12 ya shiga ciki, amma 144 − 9 = 135, ya haura 70. Akwai kuma masu sa 6 a madadin 7 wai don 3 + 3 ne, nan ma ba ya yi: in ε = 0.6, δ zai zama 0.1, sai x = 3.099 ya ba da tazarar 0.6038, ta ɗan ɗara ε.

Duk wannan aikin gefen takarda ne fa. Wurin rubuta amsa daga sama za ka faro: a ɗauki ε > 0, a zaɓi δ = min(1, ε/7), a ce 0 < |x − 3| < δ. Tunda δ ≤ 1, |x + 3| < 7, tunda kuma δ ≤ ε/7, |x² − 9| < 7(ε/7) = ε. Shi ke nan.

Yau da daddare ka gwada x² a wurin 5 da shingen 1 ɗin, ka turo mana abin da ka samu. In 11 ya fito maka a ƙarƙashin ε, to ka kama hanya.