Babi na uku: "an yi" ko "mun yi"?

Tambaya: Ina rubuta kundin digiri na biyu da Turanci kan zazzaɓin cizon sauro a jikin yara. Malamina ya ce in rubuta babin hanyoyin bincike da salon "an yi", manhajar gyaran rubutu kuma sai ja mini layi take yi tana so in ce "mun yi". Wanne zan bi? (Wata ɗaliba)

Amsa: Malama, ki bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, kina tambayar kanki: da wani ne ya yi wannan aikin, sakamakon zai canza? In ba zai canza ba, ɓoye mai aikin ya fi daɗin karatu. "An shafa jini a gilashi, aka bar shi ya bushe, aka rina shi da Gimsa mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari na minti 10." Jinin ne abin da mai karatu yake bi da ido, kuma duk ma'aikacin da ya ƙware haka zai yi. Cusa "mun" a kowace gaɓa a nan gajiyarwa ce kawai, don haka ki ƙyale jan layin manhajar.

Inda nake so ki tsaya ki yi nazari shi ne wurin da hukuncin mutum ya shiga. A ce kin rubuta "an duba gilasan a madubin likita". Wa ya duba? Gano ƙwayar cutar ya dogara ga idon mai dubawa. Gara ki ce: "Ma'aikata biyu sun duba kowane gilashi, ba wanda ya san sakamakon ɗan'uwansa, inda suka saɓa kuma na uku ya raba gardama." Haka ma "an yi hira da iyayen yara". Uwa ba za ta saki jiki da baƙon namiji mai tafinta ba kamar yadda za ta yi da mace mai jin harshenta, saboda haka ki faɗi wadda ta yi hirar.

Wadda ta fi damuna ita ce irin "an cire yara 12 daga lissafi". Wannan shawara ce, kuma tana da mai ita. Ki rubuta: "Mun cire yara 12 saboda sun sha maganin zazzaɓi kafin a ɗebi jininsu." Mai jarrabawa ba zai yi zargin an cire su don gyara sakamako ba.

Batun malaminki kuwa, tsarin APA, wato ƙa'idojin rubutun bincike na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, a bugunsa na 7 ya yarda da salon biyu, har yana ƙarfafa marubuci ya ce "na" ko "mun" kan abin da ya yi da kansa. Amma sashenku ne zai sa hannu a kundin. In an hana "mun", ki sa "mai binciken", ko ki ci gaba da salon "an yi" ki ambaci wanda ya yi aikin a ƙarshen jimla, tunda Turanci ya ba da wannan damar.