Na ɗora CV, manhaja ta hargitsa min shekarun aiki

"Ina da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa tun 2017. Ciniki ya ja baya, sai na nemi aikin talla a wani kamfani ta intanet. Da na ɗora CV ɗina, fom ya cika kansa, amma makaranta ta faɗa gurbin aiki, shekarun shagona kuma babu su. Ina gyaran yake?"

Malam, Allah ya buɗa kasuwa. Ina kyautata zaton a shagon buga takardu aka tsara maka ita, da hoto a sama, shafin kuma a tsage gida biyu. Wannan adon shi ya jawo. Manyan kamfanoni suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday da Taleo, su kuwa rubutu suke tsamowa su zuba a gurabe. Idan shafi a tsage yake, wata manhajar takan bi layi daga hagu zuwa dama, ta haɗa makarantarka da aikinka a jimla ɗaya. Abin da aka sa cikin akwati ko a Header, wato gurbin can saman shafi, kamar lambar waya, yakan ɓace.

Buɗe sabon shafi a Word, ka jero komai daga sama zuwa ƙasa, babu jadawali, babu akwati. Kanun su zama waɗanda manhaja ta saba da su: Work Experience, Education, Skills. Shagonka kuwa aiki ne cikakke, kada ka ji nauyin rubuta shi:

```
Work Experience
Owner and Sales Manager
Provisions Shop, Singer Market, Kano
03/2017 - Present
```

Dubi layin ƙarshe da kyau, domin nan aka fi tuntuɓe. Da wata da shekara manhaja take lissafa daɗewarka a aiki. Idan ka sa 2017 kaɗai, sai ta yi hasashen wata ko ta bar gurbin fayau. Mu nan mun saba rubuta Till date, amma Present ce aka fi ganewa. Salon da ka fara da shi, da shi za ka ƙare: kada nan 03/2017, can kuma Mar. '17. Wannan ya fi damuna, don mai ɗaukar aiki yana iya tace masu gogewar shekara biyar, kai kuma lissafinka ya fito babu komai.

Kafin ka tura, buɗe CV ɗin ka danna Ctrl+A, sai Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. Abin da ka gani kusan shi manhaja za ta gani. Idan kwanan wata ya rabu da aikinsa, koma ka gyara. Idan kuwa rubutun ya ƙi kwafuwa, to galibi hoton takarda aka ba ka da sunan PDF, babu harafin da za a tsamo. Ka adana daga Word kai tsaye, a matsayin .docx ko PDF, gwargwadon abin da kamfanin ya nema.

Bayan ka ɗora, bi guraben fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka gyara da hannu duk inda ya kauce, sannan ka danna Submit.