Abin da ke sa kuɗin tikitin jirgin sama ya tashi tsakanin safe da yamma

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, kuma nakan je Legas saro kaya tare da yarana biyu. Na duba tikitin jirgi da safe, da na koma biya bayan la'asar sai na tarar ya ƙaru da dubu talatin. Shin wannan ba zalunci ba ne, kuma mene ne mafita?

Amsa: Alhaji, ba kai aka hara ba. Kamfanonin jiragen sama sukan raba kujerun jirgi ɗaya zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da farashinsa, duk da cewa kujerun iri ɗaya ne. Idan rukuni mai arha ya ƙare, sai na'ura ta buɗe na gaba da shi, kuma takan rufe mai arhar da wuri idan ta ga jama'a na rububi, kamar gab da Sallah ko ƙarshen Disamba. Dabarar ta bunƙasa ne a Amurka bayan 1978, lokacin da gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade kuɗin jirgi. Direbobin tashar Kawo ma haka suke yi a jajibirin Sallah, sai dai su da baki suke faɗa.

Inda nake so ka lura sosai shi ne sayen kujeru uku a lokaci guda. Mu ƙaddara saura kujeru biyu a rukunin naira dubu 120, rukuni na gaba kuma dubu 150 ne. Idan ka nemi kujeru uku tare, yawanci na'urar ba ta raba ku, sai ta ɗora ku duka a kan dubu 150, ka biya dubu 450. Amma idan ka fara duba farashin mutum ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku, za ka gane inda ya yi tsalle. Sai ka sayi biyu a dubu 240, ka sayi na ukun daban a dubu 150, jimla dubu 390. Ka tsira da dubu 60, kuɗin da ya isa dakon kaya.

Da zarar ka ga farashin da ya yi maka, ka biya nan take, domin dubawa ba ta riƙe kujera. Tun da kai ne mai tsara tafiyarka, ka saya makonni kafin ranar, ka kuma gwada Talata da Laraba, waɗanda sau da yawa sun fi Juma'a da Lahadi sauƙi.

Sai dai tikiti mai arha yana zuwa da sharaɗi: sauya rana ko fasa tafiya kan jawo tara, wani ma ba a mayar da kuɗinsa. Idan ba ka tabbatar kayan da za ka saro sun iso Legas ba, ka karanta sharaɗin kafin ka biya.