Buhun tiya 40 da ya ba da 42

"Maigida, buhun geron da muka saro a kan tiya 40 ya ba ni 42 da na auna shi. Riba ce, ko akwai matsala?"

Ɗana, kada ka sa tiya biyun nan cikin lissafin riba sai ka gwada kwanonka, domin na ga irin wannan ya faru da wata dattijuwa mai awon gero a kasuwar Jega.

Ita ma buhun tiya 40 take sarowa. Da buhu na farko ya ba ta rarar tiya biyu ba ta damu ba, kuma tana da hujja, saboda wani dillalin yakan cika hannu. Amma da buhu uku a jere, daga hannun mutane daban-daban, suka ba da rara iri ɗaya, sai ta gane cewa dillalai uku ba za su yi kuskure ɗaya ba, ta ɗauki kwanonta ta kai wa sarkin kasuwa.

An cika kwanon da kasuwa ta amince da shi da ruwa har baki, aka juye a nata, sai nata ya cika ya malala alhali da sauran ruwa a wancan. Da ruwa ake fara gwaji saboda shi ba ya yin tudu, hannun mai awo kuma ba ya iya ƙara shi ko rage shi. Da aka kife kwanon sai aka ga gindinsa ya lotsa ciki, domin ta saba kife shi ta zauna a kai idan ciniki ya lafa. Lotsawar ba ta kai kaurin yatsa ba, amma faɗin gindin ya sa duk wanda ya biya kuɗin tiya 21 a wurinta, 20 ya kai gida.

Gwajin ruwa kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne yara da yawa suke tsayawa. Hatsi da tudu ake auna shi, girman tudun kuma daga faɗin baki yake, don haka kwano mai zurfi da matsattsen baki zai iya cin ruwa daidai amma ya tauye gero. Saboda haka ka kifa bakin naka a kan na kasuwa ka ga ko sun haɗu, sannan mutum ɗaya ya auna gero ɗaya da kowannensu.

Dattijuwar nan ba ta yarda a buge gindin ya koma ba, domin guduma takan wuce wuri, sai ta sayi sabo aka gwada shi a gabanta. Ta ƙirga buhunan da ta sayar tun da rarar ta fara, ta mayar wa masu fura da ta sani haƙƙinsu, ta yi sadaka da na waɗanda ba ta sani ba, tana cewa ba za ta shiga cikin mutanen da Suratul Muɗaffifina ta ambata ba.

Ka ware tiya biyun nan gefe, gobe da safe ka zo da kwanon da bokitin ruwa kafin mu buɗe buhu.