Yadda ake ɗaure hujjar samuwar A⁻¹ a zobe

Tambaya: Salamu alaikum, ina karatu a Jami'ar Legas, Akoka. An ce mu nuna waɗannan duk ɗaya ne ga matiriks A mai n×n: (1) akwai A⁻¹; (2) Ax = 0 ba ta da amsa sai x = 0; (3) aikin layi yana mai da A ta zama I; (4) A ninkin matiriks ɗin aikin layi ce. Sai na haɗa kowace da kowace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, wannan hujja 12 ke nan, alhali 4 sun isa. Yi zobe: 1⇒2⇒3⇒4⇒1.

Ta farko ba wuya: ninka Ax = 0 da A⁻¹ ta hagu, sai x = 0.

A 2⇒3 ake yawan tuntuɓe, ka natsu a nan. Kada ka taɓa A⁻¹, domin (2) kaɗai ke hannunka. Tunda ba wata amsa sai sifiri, bayan aikin layi kowane ginshiƙi yana da 1 mai jagora. Guda n ke nan, layuka ma n ne, don haka ba layin da ya zama sifiri, abin da ya fito I ne. Dole ka rubuta cewa daidaiton layuka da ginshiƙai ne ya ba ka wannan. Duba matiriks 3×2 mai layuka (1,0), (0,1), (0,0): ta cika (2), amma ba za ta zama I ba.

A 3⇒4, kowane aikin layi ninka A ne ta hagu da matiriks ɗin aikin layi Eᵢ, sai ka samu Eₖ⋯E₁A = I, saboda haka A = E₁⁻¹⋯Eₖ⁻¹. Lura jerin ya juya, kuma kowace Eᵢ⁻¹ ita ma ta aikin layi ce. Ƙulla 4⇒1 da (BC)⁻¹ = C⁻¹B⁻¹.